Rage kala a GIF: me yasa wani lokaci fayil ɗin ke ƙara nauyi maimakon ya ragu

Akwai wani abu da yake ba mutane mamaki idan suka zo rage nauyin GIF, ni ma ya taɓa bani. Ka ɗauko GIF mai kala 256, ka sauke shi zuwa 64, ka danna wannan akwatin da aka rubuta `dither` saboda an ce maka shi ke sa hoto ya yi kyau, ka adana, ka duba nauyin fayil sai kaga kusan babu abin da ya ragu, wani lokacin ma ya fi na da nauyi. Sai mutum ya tsaya yana tunanin to ina amfanin kala ɗari da casa'in da biyu da na zubar? Amsar tana cikin yadda GIF ke ajiye hoto, kuma in dai mutum bai gane wannan ba to duk abin da zai yi lalube ne a duhu.

Tun 1987 da kamfanin CompuServe ya fito da GIF, ƙa'idarsa ita ce hoto ɗaya ba zai wuce kala 256 ba. Ba wai kowane ɗigo na hoton yana riƙe da kalarsa bane, a'a, akwai teburi guda a farkon fayil da ake kira falet, an jera kalolin a ciki kowacce da lambarta, shi kuma ɗigon, wato fiksel, lamba kawai yake riƙewa, yace ni mai lamba 17 ne, na kusa da shi yace ni 18. Kowace kala a teburin bayit uku take ci, ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi. Kenan cikakken falet mai 256 bayit 768 ne kacal. In ka mayar da shi 64 ya koma bayit 192. Kaga abin da ka samu daga teburin kansa bai kai kilobayit ɗaya ba, a fayil ɗin da yake da megabayit uku ko huɗu wannan ba komai bane. To ashe ba a teburin ribar take ba.

Ribar tana wajen matsewa. GIF yana amfani da wata dabara mai suna LZW, wadda take bin hoton layi-layi daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, tana neman jerin lambobi da ta taɓa gani. Duk jerin da ta gani sai ta ba shi lamba ɗaya a wani ƙamus da take ginawa tana tafiya, in ta sake cin karo da shi sai ta rubuta lambar kawai. Bari mu ɗauki layi ɗaya mai fiksel 480 duk fari fat. Lamba ta farko zata rufe fiksel ɗaya, ta biyu ta rufe biyu, ta uku uku, haka haka, da ka kai lamba ta 31 layin ya ƙare. Lamba 31 kowacce bit 9, wajen bayit 35 kenan a madadin 480. Layi na gaba ma ya fi haka sauƙi tunda ƙamus ya riga ya san dogayen jeri. Amma ace wannan farin ba fari ɗaya bane, kala huɗu ne masu kama da juna da ido baya rabewa, sun cakuɗe ba tsari, 17, 19, 17, 18, 20, 18, to LZW bata san suna kama ba, a wajenta 17 da 18 sun bambanta kamar baƙi da fari, sai ta dinga rubuta guntaye guntaye, ƙamus ɗin da iyakarsa 4096 ya cika da shara a share shi a sake farawa.

Wannan shi ne ainihin abin da rage kala ke yi: yana tilasta wa maƙwabta masu kama da juna su zama abu ɗaya. Fararen nan huɗu su koma fari ɗaya, jeri ya yi tsawo, LZW ta samu abin ci. Akwai kuma ƙaramar riba ta biyu, lambar fiksel a falet mai 256 bit 8 ce, a mai 64 bit 6, a mai 32 bit 5. Shi yasa ake son tsayawa a kan 128, 64, 32, 16, domin girman teburin a GIF sai ya zama ninkin biyu-biyu, in ka zaɓi kala 65 to teburin 128 za a buɗe maka. Amma wannan riba ce ta gefe, babbar ita ce ta maƙwabta.

To shi kuma dizarin, wato `dither` ɗin nan, me yake yi? Akasin haka sak. Yana ɗauko wurin da ya zama kala ɗaya ya yayyafa masa ɗigo-ɗigo na wata kala domin ido daga nesa ya haɗa su ya ga kalar da babu ita a falet. Wato hannun dama ya gyara wa LZW hanya, hannun hagu ya zo ya watsa tsakuwa a kai. Shi yasa nace abin ba mamaki bane in fayil ya ƙi raguwa. Tambayar gaskiya ba a kunna dizarin ko a kashe bace, tambayar ita ce nawa ne daga cikin ribar da ka samu zaka mayar domin ka sayi kyan gani, kuma da wane irin yayyafi.

Bari in kawo misali guda mu bi shi har ƙarshe, irin wanda na fi yawan yi. Bidiyo ne na sikirin, daƙiƙa takwas, ana nuna yadda ake cike wani fom a manhaja. A saman shafin akwai faffaɗan shuɗi da yake farawa da duhu yana washewa a hankali, ƙasa fari ne da rubutu baƙi, gefe akwai ƙaramin hoton fuskar mutum, kibiyar maus tana yawo, sannan a daƙiƙa biyun ƙarshe wani ƙaramin maɓalli ja ya fito. Na saka shi a faɗin 480 tsayi 270, firem goma a daƙiƙa. Goma ɗin ba haka kawai na zaɓa ba, GIF yana ƙidaya jinkirin firem da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ne, goma tana shiga daidai ba ragowa. Lissafi: 480 sau 270 fiksel 129,600 ne, sau firem 80 ya zama bayit 10,368,000 in ba a matse komai ba. Daga nan muke saukowa.

Abu na farko shi ne zaɓen kalolin da zasu tsira. Yawancin manhajoji suna yin wani abu mai kama da dabarar da Paul Heckbert ya wallafa a 1982: a zuba duk kalolin bidiyon a akwati ɗaya, a yanka shi biyu ta ɓangaren da ya fi tsawo yadda kowane rabi zai samu fiksel daidai da ɗan'uwansa, a sake yanka, a sake, har akwatuna su kai adadin da kake so, kowane akwati a ɗauki matsakaicinsa ya zama kala ɗaya. Kaga wannan tsarin mai yawa shi ke da rabo. Fari da shuɗi da suka mamaye sikirin zasu kwashe kujeru, jan maɓallin nan da bai fi ɗan yatsa ba kuma sai a ƙarshe ya fito yana iya rasa wuri, a haɗa shi akwati ɗaya da kalar fatar fuskar can, ya fito wani ruwan ƙasa-ƙasa kamar ya kwana a rana. Kuma a nan dizarin ba zai cece ka ba, wannan mutane da yawa basu lura da shi ba. Yayyafi yana iya samar da kalar da take tsakanin kala biyu da kake da su, amma in babu ja mai ƙarfi a falet babu yadda za a cakuɗa ruwan ƙasa da fari su ba da ja. Saboda haka kafin ma ka taɓa maganar dizarin, buɗe falet ɗin ka kalle shi da idonka.

Da ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake rubuta wa umarni, ana yin haka ne a mataki biyu, na farko ya fitar da falet a matsayin ƙaramin hoto:

```
ffmpeg -i asali.mp4 -vf "fps=10,scale=480:-1:flags=lanczos,palettegen=max_colors=64:stats_mode=full" falet.png
```

Hoton da zai fito ƙarami ne, 16 sau 16, sai ka zuƙo shi ka ga ko jan yana ciki. In baya ciki, canza `stats_mode=full` zuwa `stats_mode=diff`. Na farkon yana ƙidaya kowane fiksel na kowane firem, na biyun yana ba abin da ya canza daga firem zuwa firem muhimmanci, kenan maɓallin da ya fito daga baya da kibiyar da ke motsi zasu samu kujera. Amma fa ba kyauta bane, shuɗin sama da baya motsi shi zai biya, kalolinsa zasu ragu. A irin wannan bidiyon ni na gwammace jan ya fito daidai, saboda shi ake so mai kallo ya gani, shuɗin kuma dizarin zai iya taimaka masa tunda shi matsalarsa ta tsakanin kala da kala ce.

Yanzu a gwada ba tare da dizarin ba sam, `dither=none`. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar fayil da zaka samu a wannan adadin kala, kuma kullum daga nan nake farawa domin shi ne ma'auni. Rubutu zai fito tas, farin zai zauna lafiya, amma shuɗin sama zai yi ratsi-ratsi. Dalili a fili yake: ace shuɗin ya ɗauki tsayin fiksel 90, falet kuma ya ba shi shuɗi shida kawai, to kowane ɗaya zai shimfiɗa tsayin fiksel 15 sannan a yi tsalle zuwa na gaba, ido kuma ya iya kama irin wannan layin ko da bambancin kaɗan ne. Fuskar ma zata yi taswira-taswira a kumatu da goshi. A nan ne mutum zai yanke hukunci. In GIF ɗin zane ne na katun, ko tambari, ko sikirin mai kaloli shimfiɗaɗɗu babu inda kala ke washewa a hankali, to shikenan ka gama, kar ka kunna dizarin ko kaɗan, ka cigaba da sauke kala zuwa 32 ko 16 har sai gefen haruffa ya fara yin kaushi. Gefen harafi yana buƙatar 'yan toka-toka tsakanin baƙi da fari, in suka ƙare rubutu zai yi kamar an yanka shi da zarto, to nan ne iyakarka, ka koma mataki ɗaya baya.

Amma namu yana da shuɗi mai washewa, dole a yi wani abu. Iri biyu ne manya na yayyafi, kuma bambancinsu a GIF mai motsi ya fi duk wani abu da zan faɗa a nan muhimmanci.

Na farko shi ne na tura kuskure gaba, wanda Floyd da Steinberg suka fito da shi a 1976. Ace fiksel yana da haske 101, falet kuma abin da yake da shi a kusa 85 ne da 170. Za a ba shi 85 tunda shi ya fi kusa, saura bashin 16. Ba a yafe bashin, ana raba shi ga maƙwabtan da ba a kai kansu ba: kashi 7 cikin 16 ga na dama, 3 ga na ƙasa ta hagu, 5 ga na ƙasa kai tsaye, 1 ga na ƙasa ta dama. Na daman da yake 101 ya zama 108, shi ma a ba shi 85, bashinsa ya ƙaru ya tura gaba, har a samu wanda bashi ya taru a kansa ya haura tsakiya a ba shi 170. A ƙarshe kusan ɗaya cikin biyar na ɗigon wurin zasu zama 170, sauran 85, daga nesa ido ya ga 101. A hoto tsayayye wannan yana da kyau ƙwarai, babu wanda ke musu, ɗigon suna watsuwa kamar rairayi babu wani zane da ke tsone ido.

Matsalar tana fitowa ne idan hoto ya fara motsi. GIF mai motsi yana samun mafi girman ragi ne ta hanyar ƙin sake rubuta abin da bai canza ba. Firem na biyu ba cikakken hoto bane, ɗan akwati ne kawai da ya kewaye inda aka samu canji, a cikin akwatin ma duk fiksel ɗin da yake yadda yake a da sai a sa masa lambar nan ta "bar na ƙasa ya fito". A bidiyonmu in kibiya kawai ta matsa, akwatin bai fi 30 sau 30 ba, fiksel 900 a madadin 129,600. To amma da tura kuskure, kowane fiksel hukuncinsa ya dogara da bashin da ya gada daga na hagu da na sama. Kibiya ta matsa kaɗan a cikin shuɗin, bashin da ke fitowa daga wurin ya canza, na kusa ya canza hukunci, ya tura wani bashi daban, abin ya gangara dama da ƙasa. Shuɗin da ko motsi bai yi ba duk ɗigonsa sun sake wuri. Akwatin da ya kamata ya zama 900 ya kumbura, kuma abin da ke cikinsa irin sharar nan ce da LZW bata iya matsewa. Asara biyu a lokaci ɗaya.

Kuma ana gane wannan da ido ba sai an duba nauyi ba. Ka zuba wa bango ido, wurin da ka san babu abin da ke motsi, zaka ga yana ɗan tafasa kamar tururuwa na yawo a kai. Wani lokacin ma zaka lura abin da ke saman kibiyar yana zaune lafiya, na ƙasanta ne ke rawa, wannan alama ce da bata ƙarya. Abin haushin kuma shi ne `paletteuse` na ffmpeg in baka faɗa masa komai ba `sierra2_4a` yake amfani da shi, wanda ɗan gidan su Floyd da Steinberg ne, kenan mutum yana iya faɗawa wannan ramin bai ma san ya kunna wani abu ba. Shi gifsicle, wata manhajar gyaran GIF, akasin haka ne, dizarin a kashe yake sai ka nema da kanka.

Iri na biyu shi ne mai tsari, wanda ake dangantawa da Bryce Bayer tun 1973. Nan babu bashi babu gado. Akwai wani ɗan allo na lambobi, misali 8 sau 8, da ake shimfiɗawa a kan hoton ana maimaita shi kamar tayil, kowane fiksel a ƙara masa ko a rage masa ɗan haske gwargwadon lambar gurbin da ya faɗa, sannan a nemi kala mafi kusa. Hukuncin fiksel ya dogara da abu biyu kawai, kalarsa da inda yake zaune. In bai canza ba a firem na gaba, amsar ma bazata canza ba, ko me maƙwabcinsa ya yi. Bango ya tsaya cak, akwatin canji ya koma ɗan ƙaraminsa. Sannan tunda zanen yana maimaita kansa a layi, LZW tana iya koyonsa, ba kamar na rairayi ba. Kuɗin da ake biya shi ne zanen yana ganuwa, wani saƙa-saƙa kamar raga, wasu suna cewa yana kama da hoton tsohuwar kwamfuta, kuma gaskiyarsu ne. Amma ni a ganina raga da ta tsaya wuri ɗaya ido yana mantawa da ita bayan daƙiƙa ɗaya, bango mai tafasa kuwa har GIF ya ƙare yana jan ido daga abin da ake so a kalla.

```
ffmpeg -i asali.mp4 -i falet.png -lavfi "fps=10,scale=480:-1:flags=lanczos[x];[x][1:v]paletteuse=dither=bayer:bayer_scale=3:diff_mode=rectangle" sabo.gif
```

Wannan `bayer_scale` shi ne maƙunnin ƙarfin yayyafin, daga 0 zuwa 5, in ba a taɓa ba yana kan 2. Kuma a juye yake tafiya, wanda yake rikita mutane: ƙaramar lamba ita ce raga mai ƙarfi, ratsi ya ɓace amma fayil ya yi nauyi, babbar lamba raga ta dusashe, fayil ya yi sauƙi, ratsi ya fara dawowa. Yadda nake yi shi ne in fara daga 5 in dinga saukowa ɗaya-ɗaya, duk inda ratsin shuɗin ya daina tsone min ido nan zan tsaya, ba sai ya ɓace gaba ɗaya ba. In ka sauka da yawa zaka ga har farin da ba ruwansa ya fara ɗaukar ɗigo-ɗigo, bayan rubutu ya yi datti, to ka wuce gona da iri. Akwai kuma musanya tsakanin wannan maƙunni da adadin kala, wadda sai an gwada ake sani: kala 128 da yayyafi mara ƙarfi wani lokaci ya fi kala 32 da yayyafi mai ƙarfi sauƙi kuma ya fi shi kyau, saboda in kalolin suna kusa da juna ba a buƙatar watsa da yawa. Shi yasa bana yarda da maganar cewa ƙarancin kala kullum shi ne ƙarancin nauyi. Da zarar dizarin ya shigo lissafin ya daina tafiya a miƙe, dole ka fitar da uku ko huɗu ka jera su ka kalli nauyi ka kalli hoto.

Shi `diff_mode=rectangle` da na saka yana cewa a sake aiki a kan akwatin da ya canza kawai. Ya fi amfani ga wanda ya nace sai ya yi tura kuskure, domin yana killace tafasar a cikin akwatin kar ta gangara ko'ina. Dabara ce mai kyau in abin da ke motsi ƙarami ne, amma in abu biyu suka motsa ɗaya a kusurwar sama ɗaya a ta ƙasa, akwatin ya haɗiye sikirin duka an koma gidan jiya.

Duk wannan bayanin na Bayer yana tsaye ne a kan sharaɗi ɗaya, cewa bangon da gaske baya canzawa. A nan na taɓa shan wahala. Na yi komai daidai, Bayer, kala 64, amma fayil ya ƙi sauka, ashe bidiyon asalin an riga an matse shi sosai, bangon da nake gani a tsaye lambobinsa suna ɗan rawa da ɗaya ko biyu daga firem zuwa firem. Duk fiksel ɗin da ke bakin iyaka tsakanin kala biyu sai ya dinga tsallakawa yana dawowa. Bidiyon kamara kuwa ba a magana, shi dama cike yake da irin wannan ƙura musamman in an ɗauka a wuri mai duhu. Maganinsa a wanke ƙurar kafin a kai ga falet, a saka `hqdn3d` kafin `palettegen` da kuma kafin `paletteuse`, duka biyun, domin falet ya dace da hoton da za a shafa masa. In an yi yawa fuska zata yi sulɓi kamar roba, motsi ya bar inuwa a baya, sai a sassauta.

Hanyar da ake tabbatar da ko dabarar ta ci, ba zato ba, ita ce a tambayi fayil ɗin kansa:

```
gifsicle -O3 sabo.gif -o karshe.gif
gifsicle -I karshe.gif
```

Na biyun zai jero firem ɗin ɗaya bayan ɗaya da girman kowanne. In kaga na farko `480x270` sauran kuma ƙanana irin su `28x34 at 210,96`, to bango ya zauna. In kaga duk tamanin ɗin `480x270` ne ko kusa da haka alhali ka san kibiya ce kawai ke yawo, to akwai abin da ke tafasa, ko dizarin ko ƙurar asali. A nan kuma zaka ga ko akwai `local color table` a ƙarƙashin firem. GIF ya yarda kowane firem ya zo da nasa falet, yana da amfani in bidiyo yana tsalle daga wani wuri zuwa wani mai kala daban, amma a namu ɓarna ce, 768 sau 80 bayit 61,440 ne a teburi kawai, kuma mafi muni shuɗin firem na biyar ba lallai ya zama shuɗin firem na shida ba, sai bango ya dinga ƙyaftawa. Wucewa ta gifsicle ɗin ma tana da wani amfani, falet ɗin da ffmpeg ke fitarwa gurbi 256 ne ko da ka ce 64, sauran ciko ne kawai, `-O3` kuma yakan ƙara tatsar wani abu daga fayil ɗin ba tare da ya taɓa kamannin hoton ba.

Wanda kuma GIF ne kawai a hannunsa babu bidiyon asali, gifsicle zai iya duka aikin, `--colors 64 --dither=o8`, ko `--dither=ro64` in yana son yayyafin da baya motsi amma kuma bai yi kama da raga ba. Sai dai a duba da kyau, in GIF ɗin dama an riga an yi masa tura kuskure tun farko, to ɗigon nan sun zama jikin hoton, rage kala ba zai kwashe su ba, ƙara wani dizarin a kai kuma datti ne a kan datti. A irin wannan gara a rage kala ba dizarin, sannan a gwada `--lossy=40` ko `--lossy=80`. Shi wannan ba falet yake taɓawa ba, LZW yake ba izinin ta ɗauki jerin da ya yi kusa da daidai a ƙamus ko da bai yi daidai ɗin ba, kuma a hoton da dama yake da ƙura-ƙura ɓarnar da yake yi bata cika ganuwa ba. A kan farin bango da rubutu kuwa nan da nan zaka ga 'yan tsiraran ɗigo suna bin layi, to a can a taka a hankali.

Abu na ƙarshe da nake dubawa shi ne girman da za a nuna GIF ɗin. Ragar Bayer tana da kyau ne in fiksel ɗaya na fayil ya faɗa kan fiksel ɗaya na sikirin, ko ninkinsa daidai. In shafin da za a ɗora shi zai matse 480 ya koma 400, ragar tana iya karo da ɗigon sikirin ta haifar da wasu manyan igiyoyi a cikin shuɗin waɗanda babu su a fayil ɗin. Saboda haka ba a zuƙo hoto sau huɗu a yanke hukunci, a can komai muni zai yi, a buɗe shi a burauza a daidai girman da mutane zasu gan shi, a waya da kwamfuta, a bar shi ya zagaya sau uku. Zagaye na farko a kalli jan maɓallin, na biyu a karanta rubutun, na uku a ƙyale abin da ke motsi a zuba wa shuɗin ido kawai. In igiyoyin sun fito, a koma `scale` a fitar da shi a 400 ɗin tun daga tushe, a sake falet, a sake yayyafin a kan sabon girman.